Wasiƙar neman sifonsa ta wani katun ɗin yara, yadda ta farko ta mutu da yadda muka sake ta

Ɗan yayata ne ya zo min da takarda shafi huɗu ta neman sifonsa, wato kamfanin da zai ɗauki nauyin aikinsu, wata Asabar bayan la'asar, ya ce Kawu don Allah duba min, wata biyu kenan da muka kai wa wani kamfanin sabulu ko gezau basu ce mana ba. Shi da abokansa biyu suna da ɗan sitodiyo a Kano, ɗaki ɗaya ne da kwamfuta uku da sola, suna yin katun na tallace tallace da ƴan gajerun bidiyo na barkwanci, amma abin da yake ransu tun da daɗewa shine suyi katun na yara da Hausa wanda zai koyar da tarbiyya, gaskiya da amana da girmama na gaba da sauransu. Ni kuma na yi shekaru a ɓangaren talla ina karanta irin waɗannan takardun, na san inda suke ƙarewa, don haka na zauna na karanta ta har ƙarshe duk da tun a sakin layi na biyu na gane me ya faru da ita.

Shafi na farko gaba ɗaya kukan lalacewar tarbiyya ne, yaranmu sun koma kallon katun na Turawa da na Indiya, waya ta shigo gida, iyaye sun yi sakaci, al'ada tana mutuwa. Duk gaskiya ne, kuma na san da zuciya ɗaya ya rubuta, amma matar da za ta karanta wannan takarda a ofis ita ma uwa ce, ta fi shi sanin wannan matsalar, ba ta buƙatar shafi guda don a gaya mata. Shafi na biyu jerin darussa ne, haƙuri, gaskiya, tsafta, biyayya, har wajen guda talatin. Na uku tarihinsu da kwasakwasan da suka yi. Sai a ƙasan shafi na huɗu aka zo ga magana, wai za su yi shiri 52 kowanne minti 30 cikin wata shida, kuma suna roƙon kamfani ya taimaka da abin da ya sauƙaƙa. Babu sunan yaro ko ɗaya na cikin katun ɗin, babu hoto, babu adadin kuɗi, babu tashar da za a nuna. Kuma an rubuta ta zuwa ga Manajan Darakta an ajiye wajen maigadi a get.

Abu na farko da na tambaye shi shine, a rana ɗaya mutum ɗaya daƙiƙa nawa yake iya motsawa, wadda ta gama tsaf ba gyara. Ya yi shiru, ya ce gaskiya Kawu bamu taɓa aunawa ba. Na ce to ku je ku auna, kada ku rubuta komai sai kun kawo min wannan lambar. Sati biyu suka yi suna rubutawa a littafi kullum, suna aiki da Moho wato irin aikin da ake ɗaura wa zane ƙasusuwa sai a riƙa motsa hannu da ƙafa da baki ba sai an sake zana kowane hoto ba, sai suka samu kowannensu yana fitar da kusan daƙiƙa 8 a rana idan babu matsalar wuta. Su uku kenan daƙiƙa 24 a rana. Sai muka ɗauki alƙawarin da suka yi a wasiƙa muka lissafa, shiri 52 sau minti 30 ya ba da minti 1,560, wato daƙiƙa 93,600, ka raba da 24 za ka samu kwana 3,900 na aiki, idan ana aiki kwana biyar a sati shekara 15 kenan cif. Abin da suka ce za su yi a wata shida. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin tallan katun na daƙiƙa 30 ya ga sati nawa aka ɗauka, yana ganin wannan layin zai ajiye takardar, ba don ya raina su ba sai don ya gane basu san nauyin kayan da suke cewa za su ɗauka ba.

Mutane da yawa basu san tsadar katun daga ina take ba. Talabijin a Najeriya tana tafiya da hoto 25 a kowace daƙiƙa, minti shida kacal hoto 9,000 ne, ko da an yi dabarar barin kowane zane ya zauna sau biyu sai an zana 4,500 idan da hannu ake yi. Shi yasa ƙananan sitodiyo suke komawa ga ƙasusuwan nan, amma su ma sai an fara gina kowane mutum, gabansa da gefensa da bayansa, da siffofin baki na furta magana, kafin a motsa ko yatsa. Wannan ginin sau ɗaya ake yi amma yana cin makonni, kuma shine dalilin da yasa shiri na farko yake fin sauran tsada sosai.

To sai muka yanke rigar daidai jikinsu. Shiri 13, saboda tashoshi suna sayar da lokaci ne zango zango na sati 13, wato wata uku idan ana nunawa sau ɗaya a sati. Kowane shiri minti 7, rabin minti waƙar buɗewa rabin minti ta rufewa waɗanda sau ɗaya za a yi a riƙa maimaitawa, sabon aiki minti 6 kenan, daƙiƙa 360, a hannun mutum uku kwana 15 wato sati uku. Sau 13 ya zama sati 39, ka ƙara sati 8 na gina mutane da gidaje da unguwa, ka bar sarari don azumi da sallah da rashin lafiya da kwamfuta da za ta lalace, shekara guda kenan. Yaron bai ji daɗi ba, ya ce Kawu ai wannan ya yi kaɗan za su raina mu. Na ce masa wanda ya ce zai haɗiye gatari riƙe masa ƙota ake yi, kuma kamfani ba zai riƙe maka ba, wucewa kawai zai yi.

Inda muka fi daɗewa shine labarin kansa, don a nan ne nake ganin yawancin masu son yin katun na tarbiyya suke faɗuwa ba ma a wajen sifonsa kaɗai ba har a wajen yaran. Rubutunsu na farko akan sata ne, wani yaro yana satar gyaɗa a tiren wata yarinya, minti biyar ana ta dabarun sata masu ban dariya, sai a minti na ƙarshe kaka ta zaunar da yara ta yi musu nasiha cewa sata haramun ce. Na ce mu gwada. Suka yi zanen labarin a tsaye ba motsi, suka ɗora muryoyi da waya, muka nemi izinin wani malamin Islamiyya da iyayen yara muka nuna wa ƴan aji guda, yara ashirin masu shekara shida zuwa takwas. Sharaɗin da na kafa shine kada kowa ya tambaye su wane darasi kuka koya, domin ɗan Islamiyya ya san amsar da babba yake so zai ce maka sata babu kyau ko bai kalli komai ba. A tambaye su kawai me ya faru, kuma wa kuka fi so. Wallahi kusan dukkansu ɓarawon gyaɗar suka zaɓa, har wasu suna kwaikwayon yadda yake laɓewa, lokacin da kaka ta fara magana kuwa tuni sun juya suna hira da juna.

Wannan ba laifin yaranmu ba ne. Akwai wani bincike da Marie-Louise Mares da Emily Acosta suka wallafa a 2008 a Amurka, an nuna wa ƴan nazare wani katun da aka yi don koyar da karɓar masu naƙasa ta hanyar labarin kare mai ƙafa uku, sai yawancin yaran abin da suka ɗauka shine a kyautata wa kare mai ƙafa uku, basu kai darasin kan mutane ba. Ƙaramin yaro abin da ya gani da idonsa yake ɗauka, kuma abin da ya fi daɗewa a allo shi yake zama a kansa. In ka ba mugun hali minti biyar ka ba gyara minti ɗaya, to mugun halin ka koyar. Ko tatsuniyoyin da aka yi mana muna yara, a tuna, tsakanin gatanan gatananku da ƙurunƙus babu inda mai tatsuniya take tsayawa tayi wa'azi, Gizo ne yake haɗama sai haɗamar ta ja masa a gaban idonka.

Aka sake rubutu. Yarinya ce Talatu mai shekara bakwai da ƙaninta Bala da wata akuya mai shiga sharo ba shanu. An aiki Talatu sayen barkono, yaron shago ya yi kuskure ya ba ta canji da ƙarin naira 200, ta gani ta yi shiru, ta sayi alawa ta hamsin. Duk wannan bai wuce minti ɗaya da rabi ba. Da yamma an sake aikenta sai ta tarar mai shago yana ta faɗa kuɗi basu cika ba, yaron shagon yana rantsuwa idonsa ya yi ja, kuma shi ne mai ɗaga mata kaya kullum idan sun yi mata nauyi. Sauran shirin duka akan yadda za ta mayar ne, saura 150 a hannunta, ta fasa asusunta, akuya ta kusa cinye takardar kuɗin, ta je ƙofar shago ta dawo sau biyu don kunya, Bala ya riƙe mata hannu suka shiga tare. Babu babban da ya ce gaskiya dokin ƙarfe, babu kaka. Da aka nuna wa wani ajin daban, yawancinsu suka ba da labarin daidai, ta ɓoye kuɗi yaron ya sha faɗa ta mayar, wata yarinya ma ta ce ita da ita ce tun a hanya za ta koma. Wannan gwajin ne ya zama ƙashin bayan sabuwar wasiƙar.

Sai maganar wa za a rubuta wa. A manyan kamfanoni aljihu biyu ne, akwai na masu talla da ke son a sayi kaya, akwai na ayyukan taimakon al'umma da ke son suna mai kyau da hoton da za a sa a rahoton shekara, kuma abin da zai motsa wannan ba shi zai motsa wancan ba. Manajan Darakta ba ya karanta irin wannan, sakatare zai tura ta inda ya ga dama ko ma ya ajiye. Sabulun da suke hari na wanka ne mai araha da iyaye mata suke saya, don haka muka zaɓi aljihun talla, yaron ya yi ta bibiya ta hannun wani dila har ya samu sunan Hajiyar da ke kula da tallan sabulun a shiyyar arewa da imel ɗinta na ofis. Na kuma sa suka jira, domin kamfanoni da yawa suna tsara bajet ɗin shekara mai zuwa ne a watannin ƙarshen shekara, in ka zo bayan an rufe ko sun so ka sai su ce babu gurbi.

Ga wasiƙar, shafi ɗaya ce, an aika ta da Hausa da kuma Turanci saboda hedikwata, na cire sunaye:

"Assalamu alaikum Hajiya. Muna neman kamfaninku ya ɗauki nauyin shirin gwaji guda ɗaya na katun ɗin yara da Hausa, tsawon minti 7, a kan naira miliyan 3, wanda za mu miƙa cikin sati 12. In ya gamsar da ku sai mu yi maganar sauran shiri 12.

Katun ɗin na yara ne masu shekara 5 zuwa 9, kuma an tsara shi yadda uwa za ta zauna ta kalla tare da su. Labarin Talatu ne da ƙaninta Bala a wata unguwa irin tamu. A shiri na farko yaron shago ya ba Talatu canji da ƙarin naira 200, ta yi shiru, sai ta ga ana yi masa faɗa a kan kuɗin, dole ta nemi yadda za ta mayar bayan ta riga ta taɓa su. Kowane shiri hali ɗaya yake ɗauka, kuma yaran ne suke warware matsalarsu.

Mun nuna zanen labarin ga aji biyu na wata Islamiyya da izinin malami da iyaye. Rubutunmu na farko bai yi aiki ba, yaran sun fi son mai laifin, don haka muka sake shi. A na biyu yawancinsu sun iya ba da labarin da kansu. Mun haɗo da samfuri na daƙiƙa 60 da hoton mutanen labarin da cikakken lissafin kuɗi.

Abin da kamfani zai samu: tambarinku da muryar 'da tallafin' na daƙiƙa 5 a farko da ƙarshen kowane shiri, ba za mu karɓi wani kamfanin sabulu ba har shekara guda, za ku iya nuna shirin a tarukanku da ziyarar makarantu, kuma za mu ba ku rahoton masu kallo kowane wata. Kuɗin lokacin tasha baya cikin wannan lissafi, mun sa shi daban a shafin baya.

Muna roƙon minti 20 a ofishinku a sati mai zuwa mu nuna miki samfurin. Zan kira ranar Talata da safe in ji lokacin da ya dace da ke. Mun gode, Allah ya ƙara girma."

Da yaron ya karanta sai ya ce Kawu ina tarbiyyar, ai ba a ma ambaci kalmar ba. Na ce tana nan a naira 200 ɗin can. Kuma ya so a cire maganar cewa rubutun farko bai yi aiki ba, wai tonon asiri ne, ni kuma na dage a bar ta, don duk wasiƙar da ke zuwa teburin irin wannan Hajiyar cewa take yi komai namu ya yi kyau, wadda ta ce mun gwada mun faɗi mun gyara ita ce ke nuna akwai masu aiki a bayanta. Samfurin daƙiƙa 60 kuwa shi ya fi komai cin ƙarfinsu, sai da suka gina Talatu da yaron shago da shagon da kuɗin aljihunsu, amma babu yadda za a yi mutum ya sa miliyoyi a katun ɗin da bai ga motsinsa ba. Muka sa shi a YouTube a ɓoye sai mai mahaɗin zai gani, aka kuma matse wani ƙarami da zai wuce ta WhatsApp saboda na san a waya za ta fara kalla.

Shafin kuɗi shi ma bamu yi masa kwalliya ba. Miliyan 3 ta shirin gwaji ta haɗa da rubutu, gina mutane da wurare, masu murya, waƙa, albashin su ukun, wuta da data. Sauran shirye shiryen kowanne miliyan ɗaya da rabi a lissafinsu tunda an riga an gina komai, 12 kenan miliyan 18, jimilla miliyan 21, sannan muka ƙara kashi 10 cikin ɗari na abin da ba a zata ba. Muka rubuta a fili cewa harajin VAT na kashi 7.5 baya ciki, kuma farashin kwana 60 zai yi aiki saboda yadda kaya ke tashi. Biya kashi uku, 40 cikin ɗari in an sa hannu, 30 in an amince da zanen labari da muryoyi, 30 in an miƙa. Na kuma gargaɗe su cewa kamfani zai cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe kafin ya biya, kuma ba zai tura kuɗi asusun mutum ba, sai da rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji da asusun banki da sunan sitodiyo. Rajistar suna da ita, asusun ne babu, sai da aka buɗe.

Wani wurin da na hana su yin alƙawari shine yawan masu kallo. Sun so su rubuta miliyoyin yara za su kalla, na ce da wace hujja. Kuma akwai abin da basu sani ba game da YouTube, tun watan Janairu 2020 duk bidiyon da aka yi don yara dole a yi masa alamar Made for kids, da zarar an sa alamar babu sharhi a ƙarƙashinsa, babu ƙararrawar sanarwa, babu tallan da ke bin ɗabi'ar mai kallo, wanda hakan ke rage kuɗin shiga sosai. Wannan ya biyo bayan tarar dala miliyan 170 da aka ci YouTube a Amurka a 2019 kan tattara bayanan yara. Ma'ana ba za ka ce wa sifonsa zai ga ruwan sharhin iyaye ba, kuma ba za ka yi lissafin cewa YouTube zai mayar maka da kuɗin aiki ba. Abin da muka rubuta shine abin da ake iya ƙirgawa, sau nawa tasha ta nuna da takardar shaidarta, mutum nawa suka kalla da minti nawa suka tsaya, makaranta nawa aka kai shirin.

Ranar Talata ya kira ba a ɗauka ba, ya sake kira Alhamis, ta ce ta ga samfurin ɗanta ma ya sa ta maimaita masa, su zo. Na raka su amma na zauna a gefe. Tambayarta ta farko ba akan tarbiyya ba ce, cewa ta yi wace tasha, wane lokaci. Nan suka ɗan yi rauni, sun yi magana da tasha ɗaya a Kano da baki kawai babu takarda, ta ce su kawo a rubuce, ko da wasiƙa ce mai cewa tasha tana da sha'awa in shirin ya cika sharaɗinta. Wannan kuskurena ne ni ma, ya kamata a ce takardar tana cikin abin da aka haɗa tun farko. Ta kuma tambaya ko sun san sai shirin ya bi ta hukumar tace finafinai ta jihar Kano, suka ce sun sani kuma sun sa lokacinsa a jadawali.

Sai aka zo inda na san za a zo. Ta ce tana so Talatu ta riƙa wanka ko wanke hannu da sabulunsu a kowane shiri, a ga kwalin a ji sunan. Ɗan yayan nawa ya kalle ni, na kawar da kai don na riga na gaya masa amsar tasa ce. Ya ce Hajiya da girmamawa, in Talatu ta fara tallan sabulu iyaye za su daina yarda da ita idan ta zo maganar gaskiya da amana, kuma malaman da suka buɗe mana aji ba za su sake buɗewa ba. Ni kuma na ƙara mata da abin da ta riga ta sani, cewa da zarar kaya ya shiga cikin labari da suna to an shiga hurumin talla, kuma talla a Najeriya sai ta bi ta tantancewar ARCON, hukumar kula da tallace tallace, wadda ta maye gurbin APCON a 2022, ga ƙarin tsauri idan yara ake nufi, wato kuɗi da jinkiri kan kowane shiri. Aka tsaya a tsakiya, za a yi shiri ɗaya cikin 13 akan wanke hannu kafin cin abinci da sabulu marar suna, tambarin kamfani ya tsaya a farko da ƙarshe. Su ma yaran suka kafa nasu sharaɗin da ban ma tuna da shi ba, cewa in an kawo addu'a ko aya a cikin shiri tambari ba zai fito a kan allo a lokacin ba, kuma wani malami zai duba kowane rubutu kafin a ɗauki murya. Ta amince nan take.

Bayan sati uku daftarin yarjejeniya ya zo daga lauyoyin kamfani, a ciki akwai layi ɗaya da ke cewa duk abin da aka samar da kuɗin nan mallakar kamfani ne. Yaran sun so su sa hannu a ranar don murna. Na ce ku karanta layin nan da kyau, in kun sa hannu Talatu ta zama tasu, ko sun daina biya bayan shiri ɗaya ba ku da ikon kai ta wani wajen, ba littafi ba riga ba komai. Ɗaukar nauyi daban sayen haƙƙin mallaka daban, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Suka biya wani lauya ya rubuta musu amsa, haƙƙin mutanen labarin da sunan shirin yana hannun sitodiyo, kamfani yana da lasisin amfani da shirin na shekara biyu a Najeriya, kuma shi za a fara yi wa tayin zango na biyu kafin kowa. Wannan ja-in-jar ta ci wata guda, har akwai satin da muka ɗauka maganar ta mutu.

Abin da aka sa wa hannu a ƙarshe shirin gwaji ne kaɗai, miliyan 3 ɗin, ba a yi alƙawarin sauran 12 ba sai an gani. Kashin farko ya makara da kusan sati biyar bayan sa hannu saboda sai an shigar da su cikin jerin masu yi wa kamfani aiki, kuma da yake mun rubuta cewa sati 12 zai fara ƙirguwa ne daga ranar da kuɗi ya shiga ba ranar sa hannu ba, jinkirin bai hau kansu ba. Yanzu suna sati na bakwai, an amince da zanen labari, an ɗauki muryoyi, yarinyar da ke yin muryar Talatu sai ranar Asabar da Lahadi ake samunta saboda makaranta kuma tare da mahaifiyarta take zuwa, wanda shi ma ba su sa shi a lissafi ba da farko. Akuyar ce ke basu wahala, tafiyar ƙafa huɗu ta fi ta mutum wuyar motsawa nesa ba kusa ba, duk fitowar da take ciki aikinsu yana sauka daga daƙiƙa 8 zuwa 5 a rana, don haka jiya sun zauna sun rage ta daga fitowa shida zuwa uku, sun kuma rubuta wa Hajiya sun sanar da ita kafin ta gani da kanta.